Wasiƙa zuwa ga ƙanena kan taraktar Kawu



Ya Inna da jiki? Na ga saƙon da ka tsara wa dilan kayan gyara na Legas kan taraktar Kawu, kuma na ji daɗi da ka fara turo mini kafin ka aika masa. Turancinka ba shi da aibu. Sai dai don Allah ka dakata da shi, domin in ya tafi a haka Kawu zai biya kuɗin abin da wataƙila lafiyarsa lau.

Na saurari muryar Kawu da ka haɗo mini har sau uku. Cewa ya yi tarakta tana tashi, ta yi huɗa kaɗan, sai ta fara tari, ƙarfinta ya ragu, ta mutu. Ya ce mai yana ƙaruwa, kuma makaniki ya ce famfo ne. Kai kuwa ka taƙaita duka ka rubuta ana neman “injection pump”.

Ka san a bakin manomi famfo famfo ne, amma tarakta tana da su da yawa. Akwai na ruwa mai kai ruwa lagireto, akwai wanda ke ɗaga garma, sannan na gas kansu biyu ne. Ƙaramin yana manne a gefen inji da ɗan hannu da ake dannawa in za a cire iska, aikinsa janyo gas daga tanki ya tura ta filta. Shi ne dila ya sani da “lift pump”. Babban, wanda ka rubuta, shi ke raba gas ga nozul da matsi mai ƙarfi, kuma kuɗinsa ya ninka na ƙaramin sau da yawa. Dila ba zai tambaye ka wanne kake nufi ba tunda ka riga ka kama suna.

Maganar mai ce ta sa na kira Kawu da kaina, ita kuma ka yar da ita gaba ɗaya, ina jin don ta yi maka kama da shirme. Ina aka taɓa ganin mai ya ƙaru a tanki? Da na tambaye shi wane mai, sai ya ce baƙin mai. In ya zaro sandar gwaji, yana tarar da shi ya haura alama, alhali bai ƙara ko ɗigo ba. Na ce ya murza a yatsa ya shinshina. Ya ce ya tsinke kamar ruwa, yana warin gas, amma bai yi fari ba. Da ya yi fari kamar madara, da ruwa ne ke shiga, maganar ta koma wani wuri dabam. Tunda warin gas yake yi, gas ne ke zuba cikin inji. A cikin ƙaramin famfon nan akwai wata roba da ke bugawa tana tura gas. In ta yage, gas ba ya isa gaba yadda ya kamata, shi ya sa tarin da mutuwar, wani kuma ya tsiyaye cikin baƙin mai. Babban famfon ma yana iya zubar da gas ciki in robar bakinsa ta lalace, saboda haka ban yanke hukunci ba, kai ma kada ka yanke. Rubuta abin da Kawu ya gani da idonsa a gefe guda, kamar haka: “engine oil level is rising and smells of diesel”. Sannan ka ce makaniki yana zargin famfon gas, za a kwance ƙaramin a duba tukuna.

Haka nan “ta ƙi tashi” da ya faɗa daga baya. Tambaye shi: in an murza makulli inji yana juyawa ya ƙi kamawa ne, ko shiru yake yi? Na farko ya fi karkata ga gas, na biyu batir ne ko sitata. Turanci yana da kalma dabam ga kowanne.

Saura sunan taraktar. MF 375 kaɗai bai isa ba, domin akwai ƙirar Ingila, akwai ƙirar Pakistan, kuma ba kowane kaya ke shiga duka biyun ba. Ka je da kanka ka goge farantin lambar taraktar, ka nemo lambar injin Perkins da aka buga a jikinsa, ka ɗauki hotonsu da rana. Ɗauki hoton ƙaramin famfon ma, ka ƙirga kusoshin da suka riƙe shi, don akwai mai biyu, akwai mai huɗu. Kada ka kwafi lamba daga bakin kowa ta waya.

In ka gama sabon saƙon, ka mayar wa Kawu da shi cikin Hausa, jimla bayan jimla, ka ji ko ya amince haka ya faɗa. Ka kuma roƙe shi kada a sake tayar da taraktar nan sai an gyara an juye baƙin man an sa sabuwar filta, domin man da ya tsinke da gas cinye inji yake yi. Na san shuka ta matso kuma hankalinsa a tashe yake, amma ya yi haƙurin kwana biyu.

Turo mini hotunan gobe in Allah ya kai mu. Ka gaishe da Inna da Kawu da kyau.

Yayanka.