Kada Baki Ya Wuce Ma'auni

Mu ɗaliban kimiyya a Jami'ar Aliko Ɗangote da ke Wudil mukan yi musayar rahoton gwaji kafin mu miƙa wa malami, kowa ya duba na ɗan'uwansa. Abu uku muke farauta, kuma ku ma ƙannenmu na sakandare za ku iya.

A ce an tafasa ruwa, ma'aunin zafi ya tsaya a digiri 99 maimakon 100. Wani ya rubuta: "Ruwan ya ɗau zafi sosai." Sosai ɗin nawa ne? Sai mu soke ta, mu sa 99.

Na biyu, yaren hira. "Wallahi abin ya ba mu mamaki" zancen majalisa ne. A rahoto cewa ake yi: "Sakamakon ya gaza 100 da digiri ɗaya."

Na uku ya fi wuya. Idan ya ce, "Wannan ya tabbatar tudun Wudil ne dalili," ya wuce gona da iri. Gaskiya ne Wudil ta fi bakin teku tudu, kuma raguwar matsin iska na sa ruwa ya tafasa ƙasa da 100. To amma bai auna matsin ba, kuma ma'aunin kansa na iya kuskure. "Mai yiwuwa" ce ta dace a nan. Sai dai guda ta isa. "Wataƙila mai yiwuwa kamar" tsoro ne, ba taka-tsantsan ba.

Ƙa'idarmu ke nan: abin da ka auna, faɗe shi kai tsaye, abin da ka yi hasashe, sassauta murya.