Kashi 27 a babi na uku

Jiya da dare ina ɗakina a Sauka Kahuta, sai ga sakamakon Turnitin na kundin mastas ɗina: kashi 27. Sashenmu kuwa ba ya karɓar abin da ya haura 20. Wallahi ko tuwon ban iya ci ba.

Da na buɗe, kusan duk jan yana babi na uku, inda na bayyana yadda na auna danshin garin dawa: a auna giram 5, a sa a oban mai zafin digiri 105, a sanyaya, a sake aunawa har nauyin ya daina canzawa. To ta yaya zan faɗi wannan daban? In na mayar da 105 ya koma 100 don jan ya ɓace, na yi ƙarya, kuma wanda ya bi ni ba zai samu abin da na samu ba.

Da safe na kai wa Malam a Bosso. Ya ce, “Manhajar kama take nunawa, ba sata ba. Hanyar AOAC ce, ambaci sunanta da shekarar bugun, ka rubuta abin da ka canza kawai.”

Sai ya gangara babi na huɗu, ya tsaya kan jimla biyu da na kwaso wajen fassara sakamako. Ja kaɗan ne, kashi 2.

“Wannan fa?”

Su nake gyarawa yanzu, kafin a ɗauke wuta.