Teburin hash da wasalin ƙarshe

Wata ɗaliba a Damagaram ta daɗe tana tara kalmomin Hausa da ma'anoninsu a cikin kwamfutarta, har suka yi yawan da bin su ɗaya bayan ɗaya ya zama wahala. Da yake ta koyi harshen C, sai ta ƙudura gina abin da masana ke kira teburin hash. Hikimarsa ba ta da wuyar fahimta. Ana tanadar gurabe masu lamba, a ce daga 0 zuwa 10, sannan a sami wata dabarar lissafi da za ta karɓi kalma ta mayar da ita lamba. Lambar nan ita ce ke nuna gurbin da za a ajiye kalmar, kuma ita ce za ta sake nuna shi ranar da aka zo nema, ba sai an leƙa sauran guraben ba.

Amma kalmomi sun fi gurabe yawa, saboda haka dole wata rana biyu su yi karo a gurbi guda. Maganin da ta zaɓa shi ne sarƙa. Kowane gurbi yana riƙe da kan sarƙa, kowane zobe na sarƙar yana ɗauke da kalma, da ma'anarta, da manuni zuwa zobe na gaba.

```c
struct zobe {
    char *kalma;
    char *maana;
    struct zobe *gaba;
};
struct zobe *tebur[GIRMA];
```

Sabuwar kalma a kan sarƙa ake ɗaura ta, domin nan ne ya fi kusa: a nemi wuri da `malloc`, a kwafi kalmar da `strdup`, a sa `gaba` ya nuna tsohon kai, sannan gurbin ya nuna sabon zobe. Kwafin nan wajibi ne. Wanda ya ajiye manunin wurin da yake karanta layi, ba kwafin kalmar ba, zai tarar duk zobbansa sun koma kalmar da ya karanta a ƙarshe. Nema kuwa bin sarƙa ɗaya ne kawai:

```c
struct zobe *nema(const char *k) {
    struct zobe *z = tebur[hash(k) % GIRMA];
    while (z && strcmp(z->kalma, k) != 0)
        z = z->gaba;
    return z;
}
```

Saura dabarar lissafin. Abin da ke fara zuwa a ran mai koyo shi ne ya tara lambobin haruffa. Sai dai tarawa ba ta san jeri ba: gida da gadi haruffansu ɗaya ne, 103 da 105 da 100 da 97, jimillarsu 405, don haka za su yi karo komai girman teburin. Ɗalibar ta kauce wa wannan, ta ɗauki dabarar da ake dangantawa da Daniel Bernstein, wadda aka sani da `djb2`. Ana farawa da 5381, a kowane harafi a ninka abin da ke hannu sau 33, a ƙara lambar harafin.

```c
uint64_t hash(const char *s) {
    uint64_t h = 5381;
    while (*s)
        h = h * 33 + (unsigned char)*s++;
    return h;
}
```

Wannan `unsigned char` ya shafi mai rubutun Hausa kai tsaye. A tsarin UTF-8, haruffa masu ƙugiya bayit biyu-biyu ne, kuma lambobinsu sun haura 127: ƙ ita ce 198 da 153, ƴ kuwa, wadda ake rubutawa a Nijar, 198 da 180. A kwamfutoci da yawa `char` yana ɗaukar irin waɗannan a matsayin lambobin da ke ƙasa da sifili. Idan kuma aka haɗa da `int` wajen tara sakamakon, lambar gurbi na iya fitowa ƙasa da sifili, manhajar ta taɓa wurin da ba nata ba, ta faɗi.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a aikinta shi ne girman teburin. An saba gaya wa ɗalibai su zaɓi lambar da ba ta rabuwa sai da kanta ko da 1, ita kuwa ta zaɓi 11 domin gwaji da ƴan kalmomi. Manhajar ta yi aiki, duk kalmar da aka nema ta fito da ma'anarta daidai. Sai da ta buga tsawon kowace sarƙa ta ga abin mamaki: gida da ruwa da rana da kasuwa duk sun taru a gurbi na 9, gadi da kifi da doki suna na 6, wasu guraben kuwa wayam.

Dalilin yana cikin lissafin kansa. Lambar 33 ita ce 3 sau 11. Duk abin da aka ninka da 33 yana rabuwa da 11 ba saura, saboda haka idan aka raba sakamakon da 11, gudummawar haruffan farko duka ta ɓace, sai harafin ƙarshe kaɗai ya rage, tun da shi ba a ninka shi ba. Harafin a lambarsa 97, saurarsa 9. Harafin i lambarsa 105, saurarsa 6. Wannan aibi ne a kowane harshe, amma a Hausa ya fi muni, domin mafi yawan kalmominta da wasali suke ƙarewa. Wasulan rubutu biyar ne, ke nan gurabe biyar za su ɗauki kusan dukan kayan. Kalmomin da suka wuce bayit 10 ne kawai ke kuɓuta, saboda lambarsu tana cika ma'aunin `uint64_t` ta zube, lissafin ya canja.

Ba ƙaramin tebur kaɗai abin ke kamawa ba. Wanda ya guji 1,024 ya rage ɗaya ya ɗauki 1,023 ya faɗa rami guda, domin 1,023 ita ce 33 sau 31. Kalmomin da suka ƙare da a gurabe 31 kawai za su iya shiga, wasula biyar kuwa gurabe 155, sauran su zauna kusan fanko. Akwai kuma wani ramin ta ɗaya gefen: idan girman 8 ne ko 16 ko 32, saurar 33 ita ce 1, ninkawar ta zama banza, dabarar ta koma tarawa zalla. A tebur mai gurabe 8, gida da gadi duka a na 2 suke sauka.

Da ta mayar da girman 13, inda saurar 33 take 7, sai kowane harafi ya sami ta cewa: gida ta tafi gurbi na 0, gadi ta tafi na 6. Ga babban tebur, 1,021 ta dace, domin ba ta rabuwa da kowace lamba, kuma ba ta da alaƙa da 33.

Sarƙa tana da haƙuri, kuma haƙurin nan ne ke ɓoye aibin. Tebur mai sarƙa ba ya cika, ba ya ba da amsar ƙarya, nauyi kawai yake ƙarawa a hankali har ya koma jerin da aka gina shi don a guje wa. Hanyar gane lafiyarsa ita ce ƙidaya. A raba yawan kalmomi da yawan gurabe, a sami matsakaicin tsawon sarƙa, sannan a gwada shi da sarƙar da ta fi tsawo da kuma yawan guraben da babu kowa. Idan kalmomi 1,000 ne a gurabe 1,021, kuma rabon ya yi kyau, kimanin kashi ɗaya cikin uku na guraben za su kasance fanko, kuma da wuya a ga sarƙa mai zobe goma. Idan matsakaicin ya haura 1 sosai, sai a gina tebur mai kusan ninki biyu, a sake lissafa gurbin kowace kalma, domin saurar rabawa ta canja tare da girman.