Kiran Taron Gaggawa da Tambayar "Lafiya?"

Idan aka kira Bahaushe a lokacin da bai saba a kira shi ba, kalmar da take fara fitowa daga bakinsa ita ce "Lafiya?" Wannan lafiyar ta bambanta da ta gaisuwa, domin muryar takan ɗaga a ƙarshe, kuma abin da mai tambaya yake son sani shi ne ko an yi rashi. Yana da hujjar wannan zato. A al'adar Hausa ba a cika faɗa wa na nesa labarin mutuwa kai tsaye ba. Akan ce masa "Ka zo gida, ana neman ka," ko "Jikin Baba ya yi tsanani," alhali kuwa wata sa'a an riga an yi jana'iza. Da yake kowa ya san wannan salo, duk kiran da aka yi da hanzari ba tare da an faɗi dalili ba ya riga ya ɗauki ma'anar mugun labari, ko mai kiran ya nufi haka ko bai nufa ba.

Masu nazarin ma'ana suna da bayanin wannan tun aikin da Paul Grice ya wallafa a 1975. A ganinsa, mai sauraro yana ɗauka cewa mai magana zai ba shi bayani gwargwadon buƙata. Idan bayanin ya gaza, sai ya ɗauka da gangan aka rage shi, ya shiga neman dalili da kansa. A ƙasar Hausa kuwa ba ya yin nisa wajen nema, domin al'ada ta riga ta ajiye masa amsa. Wannan ita ce matsalar duk wanda aka ɗora wa kiran taro cikin ƴan awoyi: yana son mutane su bar abin da suke yi su zo, amma ba ya son su zo gabansu yana faɗuwa.

Magatakardar wata ƙungiya ta ɗalibai ƴan asalin wani gari na jihar Maraɗi, masu karatu a Yamai, ta gamu da wannan matsala wata ranar Laraba. Ƙungiyar tana hayar wani gida a Harobanda inda take sauke sababbin ɗalibai, kuma a lokacin mutum 9 ne a ciki. Kuɗin haya jika 40 ne a wata, an kuma tara bashin wata uku. Da azahar mai gidan ya zo ya ce in ba a biya jika 120 kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis ba, zai ba wani gidan. Jika 70 ne a asusu, kuma dokar ƙungiyar ba ta yarda a taɓa su ba sai kashi biyu cikin uku na membobi 36 sun hallara, wato mutum 24. Bayan haka akwai cikon jika 50 da za a nema. Taro ya zama dole a daren nan.

Shugaban ƙungiyar ya turo mata abin da yake so a aika: "GAGGAWA! Ana neman kowa da kowa yau da dare, maza-maza. Wata babbar matsala ta taso. Kada kowa ya tayar da hankalinsa." Ta karanta sau biyu, sa'an nan ta kira shi.

"Shugaba, in na aika wannan, kafin magariba rabin mutanenmu sun buga waya gida suna tambayar wa ya rasu."

"Ai na ce kada a tayar da hankali."

"Nan ne ma hankalin zai fi tashi, Shugaba. Ka ba ni minti goma."

Abin da ta gani ya cancanci a bi shi daki-daki. Na farko shi ne "ana neman." Wakilin sunan nan na a, an, ana yana ɓoye mai aikatawa, kuma yana da amfani wajen ladabi, kamar yadda ake ce wa babba "An zo lafiya?" Amma a wajen kira, "ana neman ka" furuci ne da kunne ya saba ji daga hukuma ko daga gidan rasuwa. Wanda bai san mai kiransa ba bai san girman abin da ke jiransa ba. Na biyu shi ne "wata babbar matsala." Kalmar "wata" tana nuna cewa mai magana ya san abin, kuma ya zaɓi ya riƙe. Ya faɗi girman abu bai faɗi irinsa ba, ya bar ɗalibin da iyayensa ke nesa da shi fiye da kilomita 600 ya cika gurbin da abin da ya fi tsoro.

Na uku shi ne "kada kowa ya tayar da hankalinsa." Korewa ba ta share abin da aka kore, ambatonsa ma take yi. Ba a hana mutum tayar da hankali sai in akwai abin da zai tayar da shi, kuma da irin wannan jimla ake share fage kafin a faɗi rasuwa. Haka "lafiya lau" ba ta wadatarwa, domin amsa ce da ake bayarwa ko a bakin gadon asibiti. Korewar da take aiki ita ce wadda ta ambaci abin tsoron da sunansa ta kawar da shi: "ba rasuwa ba ce, ba kuma rashin lafiya ba." Ita ma sai an bi ta nan take da ainihin dalilin, in ba haka ba mai sauraro ya koma lissafin sauran masifun da ba a kore ba. Na huɗu shi ne "maza-maza." Ninki yana ƙara wa kalma ƙarfi, amma "maza-maza" da "yanzu-yanzu" suna nuna halin da mai magana yake ciki ne kawai. Ba su gaya wa kowa ƙarfe nawa zai fito ba.

Magatakardar ta san kuma akwai rami a ɗaya gefen. Da ta rubuta "idan da hali a ɗan leƙo, akwai ƴar magana," da babu wanda zai firgita, amma da mutum goma ba su zo ba, a wayi gari an fitar da kayan yara tara waje. Ga abin da ta aika a dandalin ƙungiyar na WhatsApp da ƙarfe 4:

"Assalamu alaikum. Magatakarda ce, da umurnin Shugaba. Akwai taron gaggawa yau Laraba da ƙarfe 8 da rabi, bayan isha'i, a gidan ƙungiya. Ba rasuwa ba ce, ba kuma rashin lafiya ba. Maganar kuɗin hayar gidan ce. Mai gida ya ba mu zuwa gobe Alhamis ƙarfe 12 mu biya jika 120, kuma ba za a iya taɓa asusu ba sai mutum 24 sun hallara. Wanda ya samu hali ya riƙo jika 2. Taron ba zai wuce awa ɗaya ba. Kowa ya amsa mini kafin magariba, zai zo ko ba zai zo ba."

Kalmar "gaggawa" sau ɗaya ta fito. Abin da ya ɗauki nauyin hanzarin shi ne wa'adi da adadi. "Gobe ƙarfe 12" ya bayyana dalilin da ya sa ba za a jira Lahadi ba, "mutum 24" kuma ya nuna wa kowane memba cewa rashin zuwansa shi kaɗai yana iya hana a yanke shawara. Ta haɗa agogo da lokacin salla, domin "bayan isha'i" ita kaɗai tana iya kaiwa ƙarfe goma. Ta ce "yau Laraba" saboda wanda zai buɗe wayarsa washegari. Ta ba mutane aikin yi, wato su riƙo kuɗi su kuma amsa, domin wanda ya san abin da zai yi bai cika firgita ba.

Jerin maganar ma ba sabo ba ne. Sanƙira in zai yi shela yakan fara da cewa sarki ya gaishe da jama'a, wato ya faɗi mai saƙo, kafin ya faɗi saƙon. Hausa ta daɗe da bambanta shela da kururuwa. Kururuwa ta gobara ce ko ɓarawo, inda ake so ƙafa ta riga tunani. Shela kuwa tana da mai ita, tana da lokaci da wuri. Taron gaggawa shela yake buƙata, sai dai a matso da lokacinta kusa.

Ga waɗanda ba su cika duba rubutu ba, ta yi saƙon murya. A nan gaisuwa ce ma'auni. Wanda ya tsallake sallama gaba ɗaya ya nuna abin ya fi ƙarfin ladabi, wanda kuma ya tsaya tambayar gajiya da karatu da mutanen gida ya nuna babu abin sauri. Ta yi sallama, ta ce "da fatan an wuni lafiya," ta shiga magana da muryarta ta kullum.

Ana gane ko sanarwa ta yi aiki daga amsoshin farko. Idan suka zo da "Lafiya?" ko "Me ya faru?" ko salati, to an bar gurbi, sai a cika shi nan da nan a wurin da aka yi sanarwar, ba a tsaya amsa wa mutum ɗaya-ɗaya ba. Idan suka zo da "Allah ya kai mu" ko "in na samu hali," to hanzarin bai isa ba. Amsoshin da ta samu na shiri ne: wani ya ce zai makara don yana ƙetaren gada, wata ta tambaya ko za ta iya aiko da kuɗinta. Kafin magariba ta kira waɗanda ba su amsa ba, kuma mutum 27 suka hallara.

Wannan tsari yana da iyaka. Akwai dalilin da ba a rubuta shi a bainar jama'a, kamar zargin wani memba da taɓa kuɗi. A nan sai a faɗi irin maganar ba tare da suna ba, a ce "maganar asusu ce, za a yi bayani a wurin taro," domin sanar da cewa an riƙe wani abu ya fi yin shiru a kansa. Idan kuwa rasuwar ce da gaske, ba a fara da sanarwar kowa da kowa. Akan sami makusantan mamacin tukuna, baki da baki, sa'an nan a faɗa wa sauran a fili. Magatakardar da ta taɓa rubuta "ba rasuwa ba ce" don ta kwantar da hankali alhali rasuwa ce ta ɓatar da wannan jimla, domin duk ranar da ta sake rubuta ta, membobi za su buga waya gida su tabbatar.