Gonar da Aka Bari Saura: Takardar Neman Hutun Sabatikal daga Dutsin-Ma

Kusan duk ranar Juma'a da yamma, wata malamar adabin baka kan bar Dutsin-Ma ta bi hanyar Katsina, ta sauka a Kurfi, garin Maraɗin Katsina, domin gaida gwaggonta. Tsohuwar tana cikin 'yan kaɗan da suka rage waɗanda suka yi niƙa a dutse, suka yi daɓe da maɗabi, suka kuma riƙe waƙoƙin da ke tafiya tare da ayyukan nan. Injin niƙa ya kashe na farko, siminti ya kashe na biyu, waƙoƙin kuma suna bin masu su kabari ɗaya bayan ɗaya. Malamar ta sha ɗaukar muryarta da waya, minti goma yau, minti biyar wani makon, har ta gane cewa aikin ya fi ƙarfin ziyarar Juma'a. Sai ta yanke shawarar neman hutun sabatikal na shekara guda.

A jami'o'in Nijeriya an saba ba da wannan hutu ga wanda ya kai matsayin Babban Malami ko sama, bayan shekara shida yana aiki ba yankewa. Albashinsa na tafiya, da sharaɗin ya dawo ya ci gaba da aiki. Asalin kalmar daga Ibrananci ne, tushenta ɗaya da Asabar, kuma tana da alaƙa da barin gona ta huta a shekara ta bakwai. Jami'ar Harvard ce aka sani da fara tsarin a 1880. Manomin Kurfi bai buƙatar a fassara masa wannan, domin ya san saura: ba lalaci ke sa a bar gona ba, amfanin baɗi ake nema.

Takardarta ta farko shafi biyu ce, kuma duk a kanta take. Ta ambaci shekarun da ta yi tana koyarwa, da gajiyar duba takardun jarrabawa, da cancantarta bisa ƙa'ida. Shugaban Sashe ya karanta, ya ajiye, ya ce: “Dakta, ban ga ƙarya ko ɗaya a nan ba. Amma in na shiga taron Tsangaya, tambaya biyu za a yi mini: wa zai ɗauki kayanki, kuma me za ki riƙo mana in kin dawo? Takardar nan ba ta amsa ko ɗaya ba.” Ta ce: “Ranka ya daɗe, ai haƙƙina ne.” Ya ce: “Cancanta ta ba ki damar nema. Bayarwa kuwa sai an duba ko Sashe zai iya jure rashinki.”

Maganar ta yi mata zafi, amma da ta kwana ta tashi sai ta ga gaskiyarta. Sashen da malamansa ba su da yawa, ficewar mai digirin digirgir guda na iya taɓa lissafin da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ke yi lokacin tantance kwasa-kwasai. Saboda haka ta sake takardar daga tushe, ta fara da asarar da tafiyarta za ta jawo. Kwas uku take koyarwa. Biyu ta samu abokan aiki da suka yarda a rubuce za su karɓa, ta kuma yi alkawarin miƙa musu darussa da tambayoyin shekarun baya kafin ta tafi. Na ukun kwas ne na zaɓi, sai ta nemi a jinkirta shi zuwa dawowarta. Cikin ɗalibanta huɗu na digiri na biyu, biyu sun kusa kare kundinsu, ta ɗauki nauyin ganin sun gama kafin hutun ya fara. Sauran biyun za ta ci gaba da duba su, tana shigowa Dutsin-Ma sau ɗaya a wata.

Daga nan ta juya ga riba, ta kuma guji kalmomin da ba a iya aunawa, irin su bunƙasa ilimi da ɗaga martabar Sashe. Ta rubuta abubuwan da za a iya ƙirgawa ranar da ta dawo: awa 40 na muryoyin tsofaffin mata daga Kurfi da Dutsin-Ma, da rubutaccen matani na dukansu, a ajiye a ɗakin karatu na Sashe tare da shaidar amincewar masu waƙoƙin, maƙala biyu da za a tura wa mujallu, da ingantaccen kwas na adabin bakan mata. Ta nuna cewa taskar za ta ishi ɗalibai da dama batun kundi, maimakon maimaita nazarin makaɗan fada da aka riga aka yi ta tatsa. Ta kawo misalin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954: tunanin tsohuwa guda ne, amma har yau masana na ɗiba daga gare shi.

Tambayar da ta fi wuya ita ce me ya sa wata shida ba za su isa ba. A nan ta yi lissafi. Bisa abin da ta gwada, awa guda ta waƙa na cin kusan awa takwas wajen rubutawa, domin dole a kiyaye Katsinanci yadda ya fito, a bar “shina” inda aka ce shi, kada a gyara shi ya koma “yana”. Awa 40 ke nan sun zama awa 320, ban da komawa wajen tsofaffin a tambayi ma'anar kalmomin da suka ɓace. Ga kuma yanayi: daga kaka zuwa ƙarshen rani ne ake samun bukukuwa da sukunin zama, don haka ɗaukar murya zai cinye rabin farko, rubutu ya cinye na biyu a jami'ar da ta ba ta masauki a Katsina. Duk da haka ta ajiye mafita: in wata shida kaɗai za a iya bayarwa, za ta kawo awa 20 da maƙala ɗaya. Ba ta ɓoye matsalar tsaro da ta addabi ƙauyukan yankin ba. Ta bayyana cewa aikin zai tsaya a cikin garuruwan biyu, inda mata da yawa daga ƙauyuka suka riga suka dawo da zama.

Takardar ta bi ta Sashe da Tsangaya har zuwa sama, aka amince da shekara guda, da sharaɗin ta jira ƙarshen zangon da ake ciki, ta kuma kawo rahoto bayan wata shida. Jinkirin wata huɗu ne, kuma ga mai shekara fiye da tamanin wata huɗu ba kaɗan ba ne. Da ta kai labarin Kurfi, gwaggon ta saurara, sannan ta ce: “To 'yar nan, su sun ba ki shekara, ni ba ni da alkawarin gobe. Kunna abin naki yanzu.” Malamar ta ce: “To, Gwaggo.” Ta ajiye wayar a kan tabarma, awar farko cikin arba'in ɗin ta shiga tun kafin hutun ya fara.