Sunan Rubutu Ba Ya Taƙaituwa

A Gidan Makama da ke cikin birnin Kano na sha jin ɗalibai na roƙon a taƙaita musu “rubutun nan na sarakunan Kano”. Wanne? Akwai Tarikh Arbab da Larabci, akwai fassarar Palmer ta 1908, ga kuma ta Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Ko an ambaci Palmer, aiki bai fara ba, domin taƙaitawa zaɓe ce daga jimlolin da ke gaban mutum. Wanda aka ba suna kawai, abin da ya tuna game da Bagauda da Rumfa zai zubo. Alamarsa a bayyane take: tambaye shi shafin, sai ya yi shiru.