Garin Roba da Kifin Lagdo: Lissafin Mai Neman Gina Jiki

Samarinmu na Garwa da ke ɗaga ƙarfe sun rungumi wani gari da ake shigowa da shi daga Turai a cikin manyan robobi, suna damawa da ruwa su sha wai don nama ya hau jiki. Iyaye kan tambaye ni ko wannan abu magani ne ko kuwa ɓarnar kuɗi. A ganina, ba ɗaya ba ne daga cikin biyun. Abinci ne, kuma kamata ya yi a auna shi da mudun da ake auna abinci.

Asalinsa ruwan nan ne da ke tsatsowa idan an haɗa cuku. Shi ake tacewa a busar, ya zama gari. Ludayinsa ɗaya, giram 30, yana ɗauke da kimanin giram 24 na furotin, wato sinadarin gina jiki. Baligi mai harkokinsa na yau da kullum yana buƙatar giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa, mai ɗaga ƙarfe kuwa wajen ninki biyu, giram 1.6. Saurayi mai kilo 70 ke nan yana neman giram 112 a wuni.

To, mu bi shi daga safe zuwa dare. Ya karya kumallo da ƙwai biyu da rabin lita na kindirmo, ya sami kimanin giram 29. Da rana ya ci shinkafa da wake, kowanne giram 100 kafin a dafa. Wake ya ba shi 23, shinkafa 7, jimilla ta kai 59. Da dare tuwon dawa da tsokar kifi giram 150, irin wanda masunta ke kamowa a Binuwai ko a tafkin Lagdo, su ƙara masa wajen 40. Saura 13 kacal, kuma ƙuli-ƙuli cikin tafin hannu, giram 30, ya kusa cike wannan gurbi. Bai taɓa roba ba, bai ma sayi kilishi ba.

Batun kuɗi ya fi wannan sauƙi. Mu ƙaddara robar kilo ɗaya ta kai sefa 25,000. Ludayi 33 ne a ciki, kowanne ya tashi sama da sefa 750. Ƙwai huɗu, idan guda sefa 100 ne, za su ba da adadin nan a kan 400. Wake kuwa, ko da kilo ya kai 1,000, sefa 100 ta wadatar. Kowa ya sa farashin kasuwarsa ya gwada.

Masu garin suna da hujja guda mai ƙarfi: furotin ɗinsa cikakke ne, jiki na karɓarsa da sauri. Gaskiya ne. Dawa da gero suna da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin, wake kuma yana da shi da yawa, shi ya sa haɗin hatsi da wake, wanda iyayenmu mata suka daɗe suna yi, ke toshe mafi yawan wannan giɓi. Ƙwai da kifi da nono kuwa ba su da wannan naƙasa tun asali.

Inda na fi jin tsoro shi ne ingancin abin da ke cikin robar. Kifi idan ya ruɓe hanci zai faɗa, gari ba ya magana. A shekarar 2008 an kama masu zuba sinadarin melamin a madarar jarirai a ƙasar Sin, saboda gwajin da aka saba yi naitirojin yake aunawa, ba furotin kansa ba. Don haka mai saye ya raba adadin furotin da nauyin ludayi: idan 24 ne cikin 30, ya yi, idan 15 ne cikin 100, sitaci da sukari ya saya da tsada. Ya duba hatimin murfi da ranar lalacewa, ya kuma nemi shaidar halal, domin abin da ake daskarar da cuku da shi wani lokaci daga cikin dabba ake ciro shi. Abincinmu ma ba a barranta ba: gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da dafin da ke lahanta hanta, kada a ci ƙulin da ke ɗaci ko warin ruma.

Garin yana da ranarsa. Direban da ke kan hanyar Ngaundare, ko mai motsa jiki a watan azumi da cikinsa ba zai ɗauki kwano biyu tsakanin buɗa-baki da sahur ba, ludayi ɗaya zai rage masa nauyi, musamman a zafin Afrilu da kindirmo ba ya wuni. Wanda nono ke kumbura wa ciki ya fara da rabi. Mai ciwon ƙoda kuma kada ya ƙara furotin, na roba ko na tukunya, sai da izinin likita.